Allah Ya Ja Zamanin Sarkin Waƙafi

A kowane ofis akwai wani bawan Allah da ya cancanci lambar yabo, amma har yau hukuma ba ta waiwaye shi ba. Shi ne mutumin nan da zai aiko maka da imel mai layi shida, ka karanta daga sallama har zuwa godiya ba ka ci karo da aya ko ɗaya ba. Wasu na cewa gaggawa ce, wasu na cewa sakaci ne. Ni kuwa na ce baiwa ce, domin ba kowa Allah ya hore wa dogon numfashi irin wannan ba. Masu ƙaramin ƙarfi su ne ke faɗin magana ɗaya su tsaya, su huta, sannan su ɗauko ta biyu. Gwani a guje yake wucewa, wanda ya iya ya biyo shi.

Gwanayen nan gida biyu ne. Akwai gidan masu tsantseni, waɗanda suka ƙaurace wa alamomin rubutu gaba ɗaya, suna jero jimla bayan jimla babu ko ɗigo a tsakani. Akwai kuma gidan sarauta, inda waƙafi ke mulki. Su waɗannan sun yarda a riƙa ɗan shaƙar iska, amma alama ɗaya tak suka sani, ita suke sawa a inda aya ta dace, da inda «amma» ta dace, da inda «saboda» ta dace. Waƙafi a hannunsu jaki ne: kayan kowa a bayansa ake labtawa, kuma ba a taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

Bari mu fara da aikin gidan farko. A ce shugaban wani wurin gini yana kan hanya, ya zaro waya ya aika wa mai kula da sito wannan saƙo, ya kuma sa akanta a cikin masu karɓa:

«Salam malam an kawo siminti buhu 200 direban yana jira kar a biya shi sai an ƙirga 15 sun jiƙe a mayar gobe zan shigo na gode»

Kalma 27 ke nan, amma dubi yawan ma'anar da ke ciki. Marubuci na gari, in ya yi ƙoƙari, ma'ana ɗaya yake bayarwa a jimla. Oga kuwa ya ba da biyu a kowace kwana, kyauta. Ɗauki kalmar «gobe». Tana tsaye a tsakiya, ba ta ce ga gidan da take ba. In ka jingina ta da abin da ya gabace ta, umarni ya zama a mayar da jiƙaƙƙen siminti gobe, Oga kuma zai shigo a lokacin da Allah ya nufa. In ka jingina ta da abin da ya biyo baya, yau za a mayar, gobe Oga zai shigo. Haka ma «15». Ko an ce sai an ƙirga, sannan aka ba da labari cewa 15 sun jiƙe, ko kuwa cewa aka yi sai an ƙirga guda 15 ɗin. Har direba ma ya samu rabonsa, domin mai karatu da sauri zai ga wani mutum mai haƙuri wanda «yana jira kar a biya shi».

Mai kula da sito ya karanta sau uku, ya zaɓi «a mayar gobe». Ya sauke buhu 200 cif, ya sallami direba da motarsa fayau. Washegari Oga ya iso, ya tarar da buhu 15 sun fara daskarewa a gefen sito, ga shi sai an ɗauki hayar wata mota kafin a mayar da su, in ma masu kayan sun yarda su karɓa. Ya ɗaga murya ya ce, «Malam, ban rubuto maka ba? Ban ce a mayar ba?» Malam ya sunkuyar da kai ya ce, «Ka rubuto, ranka ya daɗe.» Gaskiya kuwa ya rubuto. Wannan ita ce falala ta farko: duk yadda aka fahimci saƙon, mai karatu ne ya yi kuskure.

Ɗan gidan sarauta zai ce shi ya fi wannan wayewa, ga yadda zai rubuta: «an kawo siminti buhu 200, direban yana jira, kar a biya shi, sai an ƙirga, 15 sun jiƙe, a mayar, gobe zan shigo». A yi masa adalci, ya raba rigimar «gobe». Amma ya kawo wata kyautar. Yanzu labari da umarni da sharaɗi duk tsayinsu ɗaya, kowanne da ɗan waƙafinsa a gindi. Akanta, wanda ke duba saƙo da ido ɗaya yana amsa waya, ya hango «kar a biya shi» a killace tsakanin waƙafi biyu, ya ce shi ke nan, ya rufe. Sharaɗin da ke manne da umarnin an yanke shi an ajiye gefe, daidai da yadda aka yanke labarin jiƙewa. Wannan ai adalci ne: a masarautar waƙafi babu magana babba, babu ƙarama.

To, me maƙiya ke cewa? Malaman nahawu, waɗanda ba su da aiki sai sa ido, suna cewa jimla na ginuwa ne da ganguna. Akwai ganga tsayayye, wanda in ka cire shi ka ajiye shi kaɗai zai ba da cikakkiyar ma'ana, kamar «direban yana jira». Akwai ganga dogarau, wanda dole sai ya jingina da wani, kamar «idan direban ya iso». Suka ce aikin waƙafi shi ne raba abubuwan da ke cikin jimla ɗaya: jerin kaya, ko dogarau da tsayayyen da ya jingina da shi. Ba shi da ƙarfin ɗaure tsayayyu biyu masu magana daban. Har gwaji suka ƙirƙiro don tona asirin bayin Allah. Wai ka ɗauke waƙafin ka sa aya a wurinsa, ka karanta hagu shi kaɗai, ka karanta dama shi kaɗai. In kowanne ya tsaya da ƙafarsa, to jimla biyu ka haɗa da abin da ba zai riƙe su ba. In ɗaya ya faɗi, waƙafin yana kan aikinsa, ka bar shi. «Idan direban ya iso, a kira ni» ya tsira, domin «idan direban ya iso» ba ya tsayuwa shi kaɗai. «Direban ya iso, akanta ba ya nan» kuwa an kama shi dumu-dumu.

Abin da maƙiyan nan ba su gane ba shi ne, abin da suke kira aibu shi ne babban amfanin sana'ar. Dubi wannan jimla, wadda irinta ke yawo a ofisoshi kullum:

«Ba a biya ɗan kwangila ba, aikin ya tsaya.»

Mene ne ya jawo wani? Rashin biya ne ya sa ɗan kwangila ya kwashe leburorinsa, ko kuwa tsayawar aikin ce ta sa aka riƙe kuɗinsa? A karatu na farko laifin ofishin kuɗi ne. A na biyu laifin ɗan kwangila ne. Marubucin ya san gaskiya sarai, amma akanta abokin cin tuwonsa ne, ɗan kwangila kuma surukin wani babba ne. Sai waƙafi ya zo ya cece shi. Ya kai rahoto, ba wanda zai ce ya ɓoye, kuma bai ɗora wa kowa laifi ba. Ranar da kwamitin bincike ya zauna, duk ɓangaren da ya yi nasara zai ce ai abin da yake nufi ke nan. Wace alama ce kuma za ta yi wa ma'aikaci irin wannan rana?

Yanzu ku ga magunguna uku da maƙiya ke tallatawa, ku ga haɗarin da ke cikin kowanne.

Na farko aya. Sun ce ita ce ta fi dacewa idan maganganun biyu kowacce harkarta daban, ko idan an tashi daga labari an koma umarni, ko idan ana so umarni ya fito fili. «Kar a biya shi sai an ƙirga.» Ka ga yadda ya tsaya tsirara, da babban baƙi a farko da ɗigo a ƙarshe, ba inda akanta zai ce bai gani ba, ba kuma inda Oga zai ce ba haka ya faɗa ba. A imel na aiki, wanda ake karantawa a waya ana tafiya, sun ce in ka rasa wadda za ka zaɓa ka zaɓi aya, da wuya ta ba ka kunya. Sai dai ita ma tana da iyaka. «Ba a biya ɗan kwangila ba. Aikin ya tsaya.» Nahawu ya gamsu, amma har yanzu ba a faɗi wanda ya jawo wani ba. Masoya waƙafi su kwantar da hankali, akwai sauran mafaka a nan. Akwai kuma sabon tuba, wanda aka ce masa aya na da kyau sai ya shiga yayyafa ta ko'ina: «Idan direban ya iso. A kira ni.» Wannan ya raba dogarau da madogararsa, ya bar rabin magana a tsaye tana jiran sauranta. Muna yi masa maraba, ɗan'uwa ne da ya sauya riga.

Na biyu mahaɗi, kuma shi ne mafi haɗari, domin shi ke tilasta wa mutum ya faɗi abin da ke ransa. Mahaɗi ba ya barin maganganu biyu su zauna kusa da juna kawai, sai ya bayyana dangantakarsu. In dalili ne, «saboda» ko «domin». In sakamako ne, «don haka» ko «shi ya sa». In saɓani ne, «amma» ko «sai dai». In ƙari ne kawai, «kuma». In bin juna ne a lokaci, «sannan». Gwada a jimlar ɗan kwangila ka ga ɓarna. «Ba a biya ɗan kwangila ba, shi ya sa aikin ya tsaya.» An tona akanta. «Ba a biya ɗan kwangila ba saboda aikin ya tsaya.» An tona surukin babba. Kalma ɗaya ko uku, amma sai da aka rasa aboki. Mai hikima, in an matsa masa lallai sai ya sa mahaɗi, sai ya ruga wurin «kuma», domin ita ce mafi kawaici a cikinsu. «Ba a biya shi ba kuma aikin ya tsaya kuma leburori sun tafi kuma damina ta kusa.» Ka ga an bi doka, an kuma ci gaba da gudu ba birki. Maƙiya sun ce «kuma» ɗaya ta isa jimla, ta biyu alama ce cewa aya ake nema, ko kuwa akwai wani «saboda» da ake ɓoyewa.

Na uku waƙafi mai ruwa, wato waƙafi da ɗigo a kansa. Tun ƙarshen ƙarni na 15 wani mai ɗab'i a birnin Venice na Italiya, Aldus Manutius, ya shigo da shi cikin littattafan da yake bugawa, don a sami tsayawar da ta fi ta waƙafi nauyi amma ba ta kai ta aya ba. Sama da shekara 500 ke nan, amma alhamdu lillahi har yau bai sami gindin zama a imel ɗinmu ba. Sharuɗɗansa biyu ne. Dole kowane ɓangare ya iya tsayuwa shi kaɗai, kuma dole dangantakarsu ta kasance a fili har ba a bukatar a faɗe ta, kamar abu biyu da aka ɗora a sikeli ɗaya. Mai kula da sito zai iya amsa wa Oga da cewa: «An ƙirga. Buhu 185 lafiya lau suke; 15 sun jiƙe.» Lissafi ɗaya ne mai fuska biyu, aya za ta raba su fiye da kima, «amma» kuma ba dole ba ce. Inda ake kuskure da shi shi ne a ɗauka ado ne, a manna shi bayan dogarau, a rubuta «idan an ƙirga; a biya shi». Kuma ga albishir ga masu neman mafaka: «Ba a biya ɗan kwangila ba; aikin ya tsaya» daidai take a nahawu, tana nuna akwai alaƙa, amma ba ta ce ga mai laifi ba. Wanda ke son ya ɓuya cikin mutunci, da babbar riga, ga wurinsa.

Ashe duk surutun maƙiya tambaya ɗaya ce: mece ce tsakanin maganar nan da waccan? In babu komai, aya. In akwai kuma sai an faɗa za a gane, mahaɗi. In akwai kuma kowa na gani, waƙafi mai ruwa. Wato so suke mutum ya san abin da yake nufi kafin ya danna aikawa. Wannan ai shiga haƙƙi ne.

Akwai wata hujja da Sarkin Waƙafi ke ji da ita, kuma a gaskiya tana da ƙafa ɗaya mai ƙarfi. Yakan ce Hausa ai haka take, jero aiki take yi. Muna cewa «ya shigo, ya zauna, ya buɗe fayil», muna cewa «ka je ka karɓo ka kawo mini», ba wanda ya taɓa cewa mun yi kuskure. Haka ne. Hausa ba ta haɗa jimla da jimla da «da». Ana cewa «siminti da yashi», amma ba a cewa «an kawo siminti da direban yana jira» da nufin haɗa labari biyu. Saboda haka idan mai aiki ɗaya ne, ayyukan kuma suna bin juna a jere, waƙafi ya isa, wani lokaci ma ba a bukatarsa. Har siffar aikatau tana nuna haka: «suka sauke, suka ƙirga, suka sa hannu» sarƙa ce guda, kowane «suka» yana riƙe da na bayansa. Maƙiya ba su musa wannan ba. Abin da suka ce shi ne, lasisin ya ƙare a inda mai aiki ya sauya, ko aka bar labari aka koma umarni, ko aka shigo da dalili ko saɓani. «Suka sauke, suka ƙirga» jeri ne. «Sun sauke, akanta ya tafi hutu, kar a biya» kuwa magana uku ce ta mutum uku. Amma Sarki mai faɗin zuciya ne, lasisin da aka ba shi na unguwa ɗaya ya shimfiɗa shi a kan gari duka.

Ya kuma ɗauke shi ya ƙetara da shi Turanci, inda yawancin imel ɗin ofisoshin Nijeriya ke gudana, inda kuma dokar ta fi tsanani. A can, wani malamin Jami'ar Cornell a Amurka, William Strunk, ya sa hana haɗa tsayayyun ganguna da waƙafi cikin ƙa'idojin ɗan littafin da ya buga wa ɗalibansa a 1918, wanda E. B. White ya sabunta a 1959. Rangwamen da ya yi kaɗan ne, na gajerun ganguna masu kama da juna. A Turanci ma kalmomin da ke daidai da «duk da haka» da «saboda haka» ba a lissafa su cikin mahaɗan da waƙafi kaɗai ke isar su, sai an sa aya ko waƙafi mai ruwa kafin su. Sarki bai san da wannan ba, kuma rashin sanin bai taɓa hana shi barci ba. Takardarsa ta neman ƙarin girma haka ta tafi, numfashi ɗaya daga sama har ƙasa.

Ga yadda maƙiya ke so a lalata saƙon simintin nan:

«Salam, Malam. An kawo siminti buhu 200, kuma direban yana jira. Kar a biya shi sai an ƙirga. Buhu 15 sun jiƙe, don haka a mayar masa da su yau kafin ya tafi. Gobe zan shigo. Na gode.»

Dubi abin tausayi. «Kuma» ta haɗa labari biyu na mota ɗaya. Umarnin biya ya koma gidansa shi kaɗai tare da sharaɗinsa. «Don haka» ta faɗi dalilin mayarwa, «gobe» ta san inda take kwana. Garin sa aya ma sai da marubucin ya lura cewa «a mayar» ba ta faɗi abin da za a mayar ba, ba ta kuma faɗi yaushe ba, dole ya cike. Haka ayar nan take, da ka tsaya sai ka hango ramin da ka tsallake. Yanzu mai kula da sito zai karanta sau ɗaya ya tashi ya yi aiki. Ba kiran waya, ba taron gaggawa, ba hayar mota ta biyu. Mai motar hayar nan fa, shi ba shi da iyali?

Kada kuma a manta da hujjar lokaci, domin Sarki mutum ne mai uzuri. A allon kwamfuta aya tana maƙwabtaka da waƙafi, bango ɗaya ya raba su, waƙafi mai ruwa kuma yana kwance ƙarƙashin ƙaramin yatsan dama. A yawancin wayoyi, in ka danna maɓallin tazara sau biyu a jere, waya da kanta za ta sa aya ta kuma ɗaga baƙin gaba. Duk da haka a ce gyaran zai ci daƙiƙa 30. Wa ke da daƙiƙa 30 a zamanin nan? Gara a tura wa mutum goma, kowannensu ya kashe minti uku yana juya saƙon, biyu su bugo waya su tambaya, ɗaya ya yi abin da ba a ce ba. An ce sauri ya haifi nawa, amma ba a ce a gidan mai saurin za a yi suna ba. Lokacin da aka ɓata na ƙananan ma'aikata ne, wanda aka yi tsiminsa kuwa na Oga ne, kowa kuma ya san ba farashinsu ɗaya ba.

Saboda haka shawarata ga matashin da ya kama aiki yana son ya daɗe a kujera ita ce ya yi hattara da «saboda», ya yi nesa da «don haka», aya kuwa ya bar ta sai ranar da babu abin da zai biyo baya. Wanda ya rubuta «shi ya sa» ya sa hannu a kan magana, za a iya buga takardar a ajiye a gabansa a ce ya maimaita. Wanda ya sa waƙafi kuwa, ko an kira shi gaban kwamiti, amsarsa a shirye take: «Ranka ya daɗe, a sake karantawa da kyau.» Za su sake karantawa, su ma su rabu gida biyu, a ɗage zaman zuwa wani makon.